Tsami Daban, Maye Daban: Abin da Ke Faruwa a Tukunyar Kunu da Tulun Bammi

Mai kunun zaƙi ta san idan ta haɗa kununta da dare, kafin asuba ya yi ɗan tsamin da ake so. Ta kuma san wanda ya kwana biyu a gora cikin zafin bazara, da an murɗe murfin sai ya yi tsaki, kumfa ta taso. Mutane da yawa suna ɗauka abu guda ne yake ƙaruwa, alhali ma'aikata biyu ne, kowa da aikinsa.

Na farko ƙwayoyin bakteriya ne irin waɗanda ke mayar da madara nono. Suna cin sukari su fitar da sinadarin tsami, kuma tun 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa halittu masu rai ne ke wannan aiki. Tsaminsu ba ya bugarwa. Hasali ma yana hana yawancin ƙwayoyin da ke ɓata ciki yaɗuwa. Na biyu shi ne yis, ɗan'uwan wanda ake kwaɓa burodi da shi. Shi idan ya ci sukari, kusan rabi ya zama barasa, sauran ya fita a iska. Iskar nan ce kumfa da tsakin gora.

To amma yis ba ya iya cin dawa ko gero kai tsaye, domin abin da ke cikin hatsi sitaci ne. Sai an farfasa sitacin ya koma sukari, kuma a nan tsiro ya shigo. Masu burkutu sukan jiƙa dawa, su shimfiɗa ta su rufe da ganye, suna yayyafa ruwa kwana huɗu zuwa biyar har ta tsira. Ƙwayar da ke tsira tana samar da sinadaran da ke narka sitacinta don ciyar da ɗan tsiron, masu dafawa kuwa sai su riga shi: su shanya, su niƙa, su dama, su dafa. Ana barin ruwan ya kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi sosai, ya huce, sannan a zuba guntun tsohuwar burkutu mai ɗauke da yis. Tafasar ta biyu ta kashe masu tsamin, an share wa yis fili. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta zama giya. Wato burkutu ba kunu ba ne da ya lalace bisa kuskure. Da gangan ake jera matakan.

A kunun zaƙi ma ana neman zaƙin ta irin wannan hanya, shi ya sa ake raba ƙullun biyu, a dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, a zuba ɗanyen mai dankali ko tsiro bayan ya ɗan huce. Bambancin shi ne dare ɗaya kawai ake ba shi, kuma ba a zuba masa yis. Masu tsami sun fi saurin hayayyafa, su ke cin kasuwarsu. Matsala tana farawa ne bayan an tace an zuba sukari, an ɗura a gora an bar ta a rana: ɗan yis ɗin da ke ciki ya sami abinci da lokaci.

Bammi ya fi nuna abin a fili, tunda ruwan da ke ɗiga daga bishiyar kwakwar manja ko tukurwa da sukarinsa yake fitowa. A ɗauki lita guda mai giram 100 na sukari. Ko da yis ya cinye duka, barasar ba za ta wuce giram 51 da yawa ba, wajen kashi 6 cikin 100 ke nan. Ba ya ma samun duka, domin bakteriya na cin rabonsu, shi ya sa waɗannan abubuwan sha ba su kai giyar da ake turarawa ƙarfi ba. Sai dai tulun mai tatsa ba ya rabuwa da yis ɗin jiya, don haka aikin yakan fara tun ruwan na kan bishiya. Zaƙi da safe, maye da yamma. Idan ya ƙara kwana iska na shigarsa, wasu bakteriya na uku su mayar da barasar ruwan kal, ya yi tsami mai yankan maƙogwaro.

Saboda haka tsami ba ma'aunin maye ba ne. Koko mai tsami ƙwarai ba ya bugar da kowa, bammin da bai gama rasa zaƙinsa ba kuwa yana iyawa. Mai sayen kunu ya duba gorar: idan ta kumbura ta yi tauri, ta yi tsaki da aka buɗe, ƙananan kumfa na tasowa daga ƙasa, zaƙin ya ragu, warin kuma ya koma na ƙullun burodi, to yis ya riga ya yi nisa. Mai sayarwa kuma ta jinkirta zuba sukari sai kusa da fita, ta sa gorunan cikin sanyi, ta dama daidai abin da zai ƙare a ranar.