Bin Sawun Murya: Yadda Ake Gyara Karin Turanci da Kunne

Akwai ɗalibin da ya ci Turanci a jarrabawar kammala sakandare, rubutunsa ba kuskure, amma ranar da ya yi waya da wani Bature sai da aka ce ya sake faɗi har sau uku. Kalmominsa daidai suke, nahawunsa ma haka. Abin da ya hana a fahimce shi da wuri kiɗan maganar ne: inda ya danna, inda ya sassauta, da inda muryarsa ta hau ko ta sauka.

Bahaushe ya san karin sauti tun yana goye. Da shi muke raba wuya na jiki da wuya ta wahala, da shi muke raba kukan yaro da kukar miya, kuma shi mai kalangu yake bi har ganga ta yi magana. A Hausa kowace gaɓa tana da nata karin, na sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, kuma kowace ana fito da ita sarai. Turanci ba haka yake tafiya ba. A cikin kalma akwai gaɓar da ake ba wa nauyi, a ja ta, a ƙara mata ƙarfi, sauran kuma a taƙaita su har wasalinsu ya dusashe. Kalmar "record" idan an danna gaɓar farko suna ce, idan an danna ta biyu aikatau ce. Wanda ya ba kowace gaɓa haƙƙinta irin na Hausa, kunnen Bature zai rasa inda zai kama.

Ɗaya daga cikin dabarun gyaran wannan ita ce bin sawun murya, wadda mai nema a intanet zai samu da sunan "shadowing". Kana sauraron maganar da aka naɗa, kana faɗin abin da mai maganar yake faɗi kusan tare da shi, kana bayansa da kalma ɗaya ko biyu. Asalinta daga ɗakunan bincike ne. A 1953 Colin Cherry ya yi amfani da ita wajen nazarin yadda mutum yake tsayar da hankali kan murya ɗaya cikin hayaniya, a 1973 kuma William Marslen-Wilson ya nuna cewa wasu suna iya bin magana da tazarar kusan rubu'in daƙiƙa kacal. Masu koyon tafinta sun daɗe suna motsa baki da ita, kuma ta samu karɓuwa sosai a azuzuwan Turanci na Japan.

Wanda ya yi karatun allo zai ce ai mun san wannan, malam ya biya ɗalibi ya maimaita. Sun yi kama, amma akwai bambanci. Idan malam ya yi shiru kafin ka maimaita, kalmomin ne suke zama a kanka, kiɗan kuwa sai harshenka na gado ya zuba nasa. Idan kuna tafiya tare babu wannan sarari. Inda ya ja dole ka ja, inda ya ruga dole ka ruga, in ba haka ba ya bar ka a baya, kuma nan take za ka ji.

Mu ɗauki jimla guda: "I want to go to the market." Gaɓoɓinta takwas ne, amma duka uku kawai ake ji: "want", "go", da gaɓar farko ta "market". Mai koyo yakan faɗi "to" ɗin nan biyu da cikakken wasali, kamar "tu" na tuwo, ya ba "the" tsawo daidai da "go". Bature kuwa yana wucewa ta kansu da gudu, wasalin ya koma wani ɗan gajeren sauti mai kama da "ta" da ba a buɗe baki ba. Sakamakon haka, mai bin sawu zai ga yana kan "the" alhali muryar ta riga ta gama "market". Wannan makara ita ce take nuna masa inda ciwon yake. Maganinsa kuma rage ƙananan kalmomin ne, domin wanda ya ƙara gudu a ko'ina ya ɓata jimlar gaba ɗaya.

Wajen zaɓen abin saurare, gajere ya fi. Daƙiƙa 30 zuwa 60 sun isa, muryar mutum ɗaya, ba kiɗa a bayanta, kuma da rubutun abin da ya faɗa. Ya zama ka fahimci ma'anar tun kafin ka fara, don bakin da yake kokawa da sabuwar kalma ba ya jin kari. Shirin VOA Learning English, wanda ya samo asali daga Turanci na musamman da gidan rediyon ya fara a 1959, ana karanta shi a hankali da kalmomi kimanin 1,500, don haka yana da daɗin farawa. Sai dai a ganina kada a daɗe a kansa: maganar da aka sassauta takan fito da ƙananan kalmomin nan fili, alhali su ne ake son a koyi haɗiyewa. Bayan makonni kaɗan a koma irin su 6 Minute English na BBC, inda mutum biyu suke hira. A kuma tsaya kan lafazi ɗaya, na Ingila ko na Amurka.

Da farko ka saurara sau biyu ko uku ba ka ce komai ba. Sannan ka ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin gaɓoɓin da ka ji an danna, ka sa kibiya inda murya ta hau ko ta sauka. Daga nan ka bi muryar da baki rufe, kana gunji kawai, kamar mai bin waƙar da bai san baitinta ba. Wannan mataki yana ba mutane dariya, amma kunnen da ya saba da karin Hausa a nan yake cin ribarsa. Sai ka buɗe baki ka bi kana kallon takarda, in gudun ya yi maka yawa ka mayar da shi 0.75. A ƙarshe ka kife takardar. Sa abin saurare a kunne ɗaya, ka bar ɗayan yana jin muryarka. Minti goma zuwa sha biyar kullum a kan guntu ɗaya har kwana huɗu ko biyar ya fi sabon guntu kowace safiya.

Ka naɗi muryarka a waya ranar farko da ranar ƙarshe, domin mutum ba ya jin kansa daidai lokacin da yake magana. Idan ka saurara, duba ko dukan naka sun faɗa inda nasa suka faɗa, da kuma ƙarshen jimla. Tambayar da amsarta e ce ko a'a galibi tana ƙarewa da hawan murya, amma irin "Where are you going?" sauka take yi, kuma masu koyo da yawa suna ɗaga ta. Idan ka ji kana tsawa a kan gaɓar da aka danna, ka wuce gona da iri. Ja ta kaɗan ka bar sauran su yi laushi. Idan kuma ka ji gunaguni kawai, ƙarshen kalmomi duk ya zube, guntun ya fi ƙarfinka, ka nemi mai sauƙi.

Dabarar tana da iyaka. Ba lalle ta raba maka "p" da "f" ba, wannan sai an nuna maka yadda ake ajiye leɓe. Ba za ta koya maka ƙirƙirar jimla ba, kuma wanda ya iya bin mai karanta labarai tsaf yana iya komawa tsohon karinsa da zarar ya shiga gardama. Saboda haka idan ka gama bin guntu, ka kashe wayar, ka ɗauki jimla biyu daga ciki ka sauya musu kalmomi da naka, "market" ta koma "office" ko "station", ka faɗa wa wani a gida da wannan dukan uku.