Takardar da Ke Raka Majinyaci Wurin Ƙwararren Likita

Sau da yawa majinyaci yakan baro garinsu tun da asuba, ya biya kuɗin mota, ya yi layin yankar kati a babban asibiti, ya jira har azahar, sannan ya miƙa wa ƙwararren likita wata 'yar takarda mai layi biyu: sunansa, sai kuma "yana fama da ciwon ƙoda, a duba shi a yi masa magani." Ƙwararren ba shi da zaɓi sai ya faro komai daga tushe. Zai sake tambayoyin da aka riga aka yi, ya sake rubuta gwaje-gwajen da aka riga aka biya kuɗinsu, ya ce a dawo bayan mako biyu. Wannan asara tana damuna, domin maganinta bai wuce mintuna goma na rubutu ba.

A Nijeriya kula da lafiya mataki uku ne: ƙananan cibiyoyin lafiya na matakin farko, manyan asibitocin jiha, sai asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Fayil ɗin majinyaci ba ya bin sa daga wannan mataki zuwa wancan. Abin da likitan farko ya sani a kansa, in bai shiga takardar turawa ba, ya tsaya a can.

Mu ɗauki misalin wani magidanci mai shekara 58, wanda ya shekara goma da ciwon suga da hawan jini, likitansa na babban asibitin jiha kuma ya lura ƙodarsa ta fara rauni. Saman takardar ba ya buƙatar dogon bayani: cikakken suna, shekaru, lambar kati, lambar wayar da za a same shi, kwanan wata, da sashen da ake tura shi, wato sashen masu ciwon ƙoda. Sunan likitan da ya rubuta da lambar wayarsa su fito yadda za a iya karantawa, ba sa hannu kawai ba.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne jimlar farko, kuma nan ne aka fi yin sake. Ya kamata ta faɗi abin da ake nema daga ƙwararren. Likitan wannan magidanci zai iya rubuta cewa aikin ƙodar mutumin ya ragu da kusan rabi cikin wata shida, yana so a gano ko suga ne kaɗai ya jawo haka ko akwai wani dalili, kuma yana neman shawara kan magungunan da za a ci gaba da su. Da wannan jimla ƙwararren ya san ko ana son ya karɓi majinyacin gaba ɗaya ne, ko ra'ayi ake nema a mayar da shi gida. A nan ne kuma za a faɗi gaggawar lamarin: yau ne, cikin mako biyu ne, ko zai iya bin layi.

Daga nan sai alƙaluma, kowanne da ranarsa. Akwai wani sinadari a jini da ake kira kiriyatinin, wanda ƙoda ke tacewa ta fitar a fitsari. Idan ta yi rauni sai ya taru. A ce a watan Janairu na wannan mutum 110 ne, a watan Yuli ya kai 190. Idan aka lissafa da shekarunsa, ƙarfin tacewar ƙodarsa ya sauko daga wajen 67 zuwa wajen 35. Likitan da ya rubuta 190 kawai ya ɓoye rabin labarin. Mutumin da ya shekara uku a kan 190 ba ya motsi, ana iya ganinsa a watan gobe. Wanda ya hau daga 110 zuwa 190 cikin wata shida kuwa, wani abu na cin ƙodarsa yanzu, kuma mai yiwuwa abin da za a iya tsayarwa ne. Haka ma awon jini: "yana da hawan jini" ba ya nuna komai, amma 165 bisa 100 a zuwa uku a jere, alhali yana shan magani, bayani ne. A haɗa da sakamakon fitsari, ko akwai furotin ko jini a ciki, da adadin fotasiyom. Idan fotasiyom ya haura 6, ba maganar takardar asibitin ganin likita ake ba, sashen gaggawa za a nufa a ranar, a kuma buga waya kafin ya isa, domin yana iya tsayar da zuciya.

Sai magunguna, da sunansu da yawansu. Wannan mutum yana shan metfomin giram ɗaya sau biyu a rana, da lisinofiril miligiram 10, da amlodifin miligiram 10. Ƙwararren na ganin metfomin kusa da lamba 35 zai san dole a rage shi, domin ana rage shi idan tacewa ta sauko ƙasa da 45, a daina shi idan ta yi ƙasa da 30. Amma jerin da ke cikin fayil ba shi ne dukan abin da majinyaci ke sha ba. Likita mai lura zai tambaya, "Baba, ban da waɗannan, me kake saye a kemis?" Sai a ji ashe wata huɗu ke nan yana shan daikulofenak kullum saboda ciwon gwiwa, ga kuma wani jiƙo da ake aiko masa daga ƙauye. Irin wannan maganin ciwon jiki yana rage jinin da ke shiga ƙoda, haɗa shi da lisinofiril kuma yana ƙara haɗarin. Wannan layi ɗaya na iya zama amsar tambayar gaba ɗaya. A rubuta shi, a rubuta ranar da aka ce ya daina, a kuma ambaci duk maganin da jikinsa ya taɓa ƙi.

Abin da aka duba ba a samu ba, shi ma yana da wuri. Ba kumburin ƙafa, ba wahalar fitsari, hoton ciki bai nuna toshewa ba: ƙwararren ya huta da bin waɗannan hanyoyi. Amma ba sai an kwafe tarihin shekara goma ba. Shafi ɗaya ya isa, a maƙala kwafin sakamakon gwaje-gwaje a baya.

Akwai wani ɓangare da littattafan koyarwa ba su cika tsayawa a kansa ba, amma a wurinmu yana da tasiri. Me aka gaya wa majinyacin? Mutane da yawa da sun ji "ƙoda" sai zuciyarsu ta tafi kan wankin ƙoda da kuɗinsa, wasu ma su fasa zuwa. Idan takardar ta ce an bayyana masa cewa bincike za a yi, ba wanki ba, kuma ɗansa ne ke kula da magungunansa, kuma Fulatanci ya fi ji, kuma tafiyar awa uku ce daga garinsu, ƙwararren zai yi ƙoƙarin haɗa gwaji da ganin likita a rana ɗaya.

Majinyaci ma yana da haƙƙin ya tambayi likitansa kafin ya fita, "Likita, me ka rubuta, kuma cikin kwana nawa ya kamata in je?" Ya ɗauki hoton takardar a waya, ya zuba dukan kwalayen magungunansa a leda, har da na kemis da na gargajiya. Idan ƙwararren ya gama, a nemi ya rubuta amsa a mayar wa likitan farko, domin shi ne zai ci gaba da auna jini da sabunta magani kowane wata, kuma yana buƙatar sanin sabon adadin metfomin da ranar da za a maimaita gwajin kiriyatinin.