Lissafin Mahaɗai a Ratsawar Zafi Mai Fuska Biyu: Dabarar Ƙayyadadden Bambanci

1.0 Gabatarwa

Idan tanderu ya daɗe yana ci, zafin kowane gurbi a jikin bangonsa yakan tsaya a mataki guda, ya daina sauyawa da lokaci. Wannan shi ake kira tabbataccen yanayi. Dokar ratsawar zafi da Joseph Fourier ya bayyana a littafinsa na 1822 ta ce zafi yana bin jiki daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, gwargwadon bambancin da ke tsakaninsu. Warware lissafinta kai tsaye yana da wuya idan siffar bangon ba mai sauƙi ba ce. Saboda haka ake shimfiɗa raga a kan zanen bangon, a nemi zafin mahaɗai kawai, wato wuraren da layukan ragar suka gitta juna.

2.0 Mahaɗar Ciki

A ɗauka tazarar mahaɗai, Δx, ɗaya ce a tsaye da kwance, ƙarfin ratsawar zafi na tubalin, k, ba ya sauyawa, kuma bangon ba ya haifar da zafi da kansa. Kowace mahaɗa tana wakiltar ɗan murabba'in da ke kewaye da ita. Tun da zafinsa ya tsaya, abin da ya shiga dole ya yi daidai da abin da ya fita. Idan T0 ne zafin mahaɗar, Tg, Ty, Ta da Tk kuma na maƙwabtanta na gabas, yamma, arewa da kudu, sai a samu:

Tg + Ty + Ta + Tk − 4T0 = 0

Ma'ana, zafin mahaɗar ciki matsakaicin na maƙwabtanta huɗu ne.

3.0 Mahaɗar Bakin Iyaka

Mahaɗar da ta faɗo a fuskar bango ta gabas ba ta da maƙwabciya ta gabas, kuma rabin murabba'i kawai take wakilta. Ƙofar da zafi ke bi daga yamma cikakkiya ce, amma ta arewa da ta kudu rabi-rabi ne. Wannan ne ya sa nauyin Ty yake ninka na sauran biyun.

Idan an lulluɓe fuskar da abin da ke hana zafi fita, babu abin da ke ƙetare ta:

2Ty + Ta + Tk − 4T0 = 0

Tamkar an kafa madubi ne a bakin iyakar, hoton Ty ya tsaya a gurbin Tg.

Idan kuwa fuskar a buɗe take, iska mai zafin T∞ tana kwashe zafi daga gare ta, to sai an shigo da h, ma'aunin ƙarfin wannan kwasa. Ana haɗa shi da sauran a lambar Biot ta raga, Bi = hΔx/k, lissafin ya zama:

2Ty + Ta + Tk + 2Bi·T∞ − 2(Bi + 2)T0 = 0

Idan aka mai da h sifiri, lissafin lulluɓaɓɓiyar iyaka ne zai dawo.

4.0 Misali

A ɗauki bangon tubali mai k = 1 W/m·K, da h = 10 W/m²·K, da tazarar mita 0.05. Bi ya zama 0.5. A ce Ty digiri 200 ne a ma'aunin Salshiyas, Ta 150, Tk 130, iska kuma 30. Jimillar 400 da 150 da 130 da 30 ita ce 710; a raba da 5, T0 ya zama digiri 142.

Ana iya tantance amsar. A kowace mita ta zurfin bangon, wat 58 ne ke shigowa daga yamma, wat 4 daga arewa, wat 6 kuma na fita kudu, saura 56. Iska tana kwashe 10 sau 0.05 sau 112, wato wat 56 cif. Da lulluɓe fuskar aka yi, maƙwabtan kuma suna yadda suke, da T0 ya kai 680 a raba da 4, wato digiri 170.

5.0 Kurakurai da Iyakar Dabarar

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da ninka Ty. A lulluɓaɓɓiyar iyaka ta misalin nan, hakan zai ba da 480 a raba da 4, wato 120, ƙasa da dukkan maƙwabta. Wannan ba zai yiwu ba, domin zafi zai riƙa kwarara cikin mahaɗar ta fuska uku ba tare da mafita ba.

Ko da lissafin ya inganta, amsar kusantawa ce kawai. A inda zafi ke sauyawa sannu a hankali, rage tazara da rabi yakan mai da kuskure kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka ake sake lissafin da raga mai ƙananan idanu, a ga ko amsar ta motsa.

6.0 Kammalawa

A aikin zahiri ba a san zafin maƙwabtan ba tun farko. Kowace mahaɗa tana ba da lissafi guda, sai a warware su gaba ɗaya, ko a bi dabarar Gauss da Seidel: a fara da hasashe, a yi ta sabunta mahaɗai ɗaya bayan ɗaya har lambobin su daina sauyawa.