YADDA KUƊI KE TAFIYA DAGA WAYA ZUWA WAYA

A Unguwa Uku, cikin Kano, akwai kasuwar 'Yan Awaki inda ake cinikin awaki da tumaki. A da mai saye yakan zo da kuɗinsa a aljihu. Yanzu kuwa da yawa da waya suke biya, musamman tun farkon shekarar 2023, lokacin da aka canja takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya.

Kuɗin nan ba a cikin wayar suke ba. Suna wurin kamfanin da mutum ya buɗe asusu, kamfanin ne ke rubuta abin da kowa ya ajiye. Irin wannan shi ake kira asusun waya. Kamfanonin kuwa suna da yawa, akwai OPay da PalmPay da Moniepoint da wasunsu, kowanne da littafin lissafinsa, ba kuwa mai taɓa littafin wani. To, yaya mai asusu a wannan kamfani zai biya mai asusu a wancan?

Sai da ɗan tsakani. Sunansa NIBSS, watau wani kamfani ne na Babban Bankin Nijeriya da sauran bankuna, wanda aka kafa a 1993. A 2011 ya buɗe hanyar aika kuɗi nan take. Bankuna da kamfanonin asusun waya suna haɗe da shi, kamar yadda motoci daga garuruwa dabam-dabam ke haɗuwa a tashar Unguwa Uku. Saboda haka ba sai kowane kamfani ya shimfiɗa hanya zuwa ƙofar kowane ɗan'uwansa ba, hanya ɗaya zuwa tasha ta isa.

Ga misali. Wani magidanci daga Gyaɗi-Gyaɗi ya taya akuya, aka sallama masa a kan naira 60,000. Asusunsa na wani kamfani, na mai akuya kuma na wani. Sai ya rubuta lambar asusun mai akuya, alƙaluma 10, ya zaɓi sunan kamfaninsa. Tun ba a taɓa ko kwabo ba, sai tambaya ta bi ta wurin ɗan tsakani zuwa wancan kamfani: “Wane ne mai wannan lamba?” Amsa ta dawo, suna ya fito a fuskar waya. Nan ne wurin lura. Sai ya karanta sunan da ƙarfi, mai akuya ya ce, “I, ni ne, Alhaji.” Sa'an nan ya sa lambarsa ta sirri. Kamfaninsa ya rage 60,000 a littafinsa, ya aika da saƙo, wancan kamfani ya ƙara wa mai akuya 60,000 a nasa littafin. Duk wannan kafin a kwance akuyar daga turke.

Abin da ya yi tafiya saƙo ne kawai. Kamfanin mai akuya ya biya shi tun kuɗin ba su iso masa ba, watau yana bin ɗayan kamfanin bashi ke nan. Ɗan tsakani shi ke riƙe da lissafin wannan bashi. A ce daga safe zuwa hantsi mutanen kamfani na farko sun aika wa na biyu naira 900,000, mutanen na biyu kuma sun aika wa na farko 700,000. Ba sai an kwashi waɗannan kuɗi duka ba. Sai a ɗebe 700,000 daga 900,000, saura 200,000, su kaɗai na farko zai biya. Haka ake haɗa lissafin dukan kamfanoni sau da yawa a yini, a biya ta hannun bankunan da ke da asusu a Babban Banki.

Wani lokaci saƙo yakan maƙale a hanya, an rage wa mai saye, ba a ƙara wa mai sayarwa ba. Don haka mai akuya ba zai dogara da rasit ɗin da aka nuna masa a wayar wani ba, gama ana iya yin na jabu. Nasa asusun zai buɗe ya gani ko ya ƙaru. Mai saye kuma kada ya yi gaggawar sake aikawa, don kada ya biya sau biyu. Sau da yawa kuɗin da suka maƙale sukan komo asusunsa da kansu. In ba su komo ba, akwai wata doguwar lamba mai alƙaluma 30 a jikin rasit, wadda aka ba wannan saƙo shi kaɗai. Ita zai kai wa kamfaninsa, da ita za a bi sawu a gano inda saƙon ya tsaya.