Idan Tambayar Jinga Ta Yi Harshen Damo: Wasiƙar da Ɗalibi Zai Rubuta wa Malami

A yawancin jami'o'in Nijeriya, maki 30 ko 40 cikin 100 na kowane kwas daga jinga da gwaji yake fitowa, tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa. Akwai ɗaliban da ke zubar da rabonsu daga wannan maki alhali sun yi karatu, sun kuma yi rubutu mai kyau. Abin da ya faru shi ne umarnin da malami ya bayar yana ɗauke da ma'ana biyu, suka ɗauki ɗaya, malam kuwa ɗayar yake nufi. Masana harshe suna kiran irin wannan jimla mai harshen damo.

Mu ɗauki misali daga darasin ƙagaggun labarai. A ce malami ya rubuta a allo: "A zaɓi biyu daga cikin littattafan gasar 1933, a kwatanta jigo da salonsu a shafi biyar." Littattafan sanannu ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. A ce wata ɗaliba ta zaɓi Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, ta zauna za ta fara tsara aiki, sai ta tsaya cak.

A fahimta ta farko, littattafan biyu ake son a gwama. Za ta ɗauki jigon yawon neman ruwan magani da Alhaji Imam ya fita yi, ta ajiye shi kusa da jigon bauta da rabuwar ɗa da uwa a Shaihu Umar. Daga nan ta koma kan salo, ta nuna barkwancin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a gefe guda, da kuma natsuwar Shaihu Umar yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa a ɗaya gefen. A fahimta ta biyu kuwa, jigo ake son a kwatanta da salo, wato a shiga cikin kowane littafi a nuna ko salon da marubucin ya ɗauka ya dace da saƙon da yake isarwa. A nan ba dole ne littattafan su haɗu a sakin layi ɗaya ba ma. Nahawu ya yarda da fahimtar biyu, domin "da" tana iya haɗa abubuwa biyu a jere, tana kuma iya nuna abin da ake kwatanta wani da shi. Amma aikin da za a yi ya bambanta tun daga gabatarwa.

Kafin ta ɗauki biro, ya kamata ta duba ko amsar tana hannunta. Idan makonni biyun da suka wuce malam ya yi su ne yana bayanin yadda salo ke yi wa jigo hidima, fahimta ta biyu ta yi nauyi. Idan kuwa ta lura an ce a zaɓi littattafai biyu, sai ta tambayi kanta dalilin biyun in ba gwama su za a yi ba. Sau da yawa wannan duban kaɗai yakan kashe maganar. In bai kashe ba, to wasiƙa ta zama dole, kuma tambayar abokan aji ba ta maye gurbinta. Ko da mutum talatin sun haɗu a kan fahimta ɗaya, hasashe suka yi, ba su ke riƙe da jan biro ba.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance:

"Assalamu alaikum, Malam. Da fatan Malam yana lafiya, ya aiki? Ni ɗalibarka ce a aji biyu, a darasin ƙagaggun labarai. Ina neman ƙarin haske ne kan jingar da za a miƙa ranar Litinin ta sama, inda aka ce 'a kwatanta jigo da salonsu'. Na fahimci wurin ta hanya biyu. Ta ɗaya: in gwama littattafan biyu da juna ta fuskar jigo, sannan ta fuskar salo. Ta biyu: in nuna dangantakar jigo da salo a cikin kowane littafi shi kaɗai. Na fi karkata ga ta ɗaya, ganin an ce a zaɓi littattafai biyu, kuma a kanta na fara tsara aikina. Ina roƙon Malam ya nuna mini wadda ake nufi. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Sai ta sa sunanta da lambar rajistarta a ƙasa.

Ƙarfin wannan wasiƙa yana wurin da ta jera ma'anonin biyu ta sa musu lamba. Malamin da ke da ɗaruruwan ɗalibai da tarin takardun dubawa zai iya amsawa da kalma biyu: "ta ɗaya". Da ta rubuta "Malam ban gane jingar ba", ta ɗora masa aikin gano inda ta rikice, kuma mai yiwuwa ya maimaita mata jimlar nan dai da ta rikita ta. Da kuma ta haɗa tambayar a dunƙule, "gwama su za a yi ko kowanne daban?", tana iya samun amsar "e, haka ne" daga wanda ya karanta a gurguje, ta koma gidan jiya. Kawo kalmomin malam daidai yadda ya faɗe su ma yana da dalili: wanda ya rubuta jimla da wuya ya ga ma'anarta ta biyu, domin shi ya san abin da ke ransa, sai an ajiye masa ita a gabansa.

Faɗin inda ta karkata da hujjarta shi ke raba ta da mai neman a tauna masa a ba shi. A ganina nan ne ɗalibai suka fi yin sake, saboda kunya ko tsoron kada a ce sun yi kuskure. Alhali ko da hasashen nata bai dace ba, malam ya ga ta yi tunani. Abin da za ta kiyaye shi ne kada ta ce tambayar ba ta fito daidai ba. "Na fahimci wurin ta hanya biyu" ta isar da saƙon ba tare da ta zama mai gyara wa malaminta Hausa ba. Haka kuma kada ta cusa wasu buƙatu, kamar neman ƙarin lokaci ko tambayar littattafan da za ta duba, domin wasiƙa mai tambaya huɗu takan jira har sai an sami sarari, sararin kuwa ba ya zuwa.

Lokacin aikawa shi ne kwana ɗaya ko biyu bayan an ba da jingar, ta hanyar da malam ya amince a tuntuɓe shi, ko imel ko takarda ta hannun wakilin aji. Idan amsa ta zo, ta adana ta, ta kuma nemi izinin sanar da sauran 'yan aji. Idan shiru ya yi yawa, ta ɗaga hannu a ƙarshen lacca ta gaba, ko ta je ofis. In duk hakan bai yiwu ba, sai ta bi fahimtar da ta fi hujja, ta bayyana a sakin layin farko na jingar cewa wannan aiki ya gwama Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ne ta fuskar jigo da kuma ta fuskar salo, don mai dubawa ya san ma'aunin da aka yi aikin a kansa tun kafin ya kai shafi na biyu.