Filin da ya fi faɗi ba shi ne magani mafi ƙarfi ba

Idan likita ya tura mai ciwon mara ko mai zafin fitsari ɗakin gwaje-gwaje, ya rubuta masa M/C/S a takarda, bayan kwana biyu ko uku sakamako zai fito da jerin sunayen magunguna, kowanne da harafi a gabansa: S, I ko R. Harafin S na nufin maganin zai iya cin ƙwayar cutar, R na nufin ta bijire masa, I kuwa tsaka-tsaki ne. Mutane da yawa suna zaton wata na'ura ce ke fitar da waɗannan haruffa. A yawancin asibitocinmu mutum ne yake ɗaukar rula ya auna wani ɗan fili a kan faranti, kuma milimita biyu ko uku na iya sauya harafin, su sauya maganin da za a ba mara lafiya.

Wannan hanya ana kiranta Kirby-Bauer, da sunan likitoci biyu na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, waɗanda su da abokan aikinsu suka wallafa ƙa'idojinta a 1966. Ana zuba wani abincin ƙwayoyin cuta mai daskarewa, wato agar Mueller-Hinton, a faranti mai murfi. Sai a ɗebo ƙwayar da aka tsirar daga fitsarin, a dama ta a ruwan gishiri, a shafe fuskar farantin da ita da tsinken auduga. Daga nan a jera 'yan takardu zagayayyu, kowace faɗinta milimita 6, kowace ɗauke da sanannen adadi na magani guda. A sa farantin a inkubeta mai zafin digiri 35 ya kwana, awa 16 zuwa 18. Da safe za a tarar ƙwayar ta lulluɓe farantin gaba ɗaya, in ban da kewayen wasu takardun, inda aka bar fili tas. Wannan filin shi ake aunawa.

Don a gane abin da ke ɓata awon, sai a san yadda filin ke samuwa. Tsere ne tsakanin abu biyu. Da zarar takarda ta taɓa damshin agar, magani yana fara yaɗuwa waje. Kusa da takardar yana da yawa, yana nisa yana raguwa. A daidai lokacin nan ƙwayar ma tana hayayyafa. Inda magani ya riga ta isa da ƙarfin da zai tsayar da ita, ba za ta tsiro ba. Inda ta riga shi yin yawa, ta tsira. Bakin filin shi ne inda tseren ya tsaya, kuma ana yanke shi tun a awannin farko. Saboda haka duk abin da ya ba magani dama ya yi gaba zai faɗaɗa filin, duk abin da ya ba ƙwayar dama zai tsuke shi, ko da ƙwayar ita ce dai ba ta canza hali ba.

Karatun kansa yana da ƙa'ida. Ana kifa farantin ba tare da an buɗe shi ba, a riƙe shi saman baƙin abu, haske na sauka a kansa, a auna faɗin filin daga baki zuwa baki ta tsakiyar takardar, har da takardar a cikin lissafi. Shi ya sa idan magani bai yi komai ba ake rubuta 6, faɗin takardar kaɗai. Bakin da ake bi shi ne inda ido ya daina ganin tsiro, ba tare da gilashin ƙara girma ba.

Mu ɗauki misali. An tsirar da E. coli, ƙwayar da ta fi kowace jawo ciwon mafitsara, daga fitsarin wata mata. Filin siprofuloksasin ya ba da milimita 23, na naitrofurantoyin ya ba da 19. Wanda bai sani ba zai nuna babban ya ce ga magani nan. Amma kowane magani da ma'auninsa. A teburin hukumar CLSI ta Amurka, wanda ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya ke bi, takardar naitrofurantoyin mai maikrogiram 300 tana samun S daga milimita 17 zuwa sama, don haka 19 ta wuce. Takardar siprofuloksasin mai maikrogiram 5 kuwa sai ta kai 26 take samun S. Daga 22 zuwa 25 tsaka-tsaki ne, 21 zuwa ƙasa bijirewa. Ke nan 23 ba ta kai ba. Ƙaramin filin ne ya ci. Dalili kuwa shi ne adadin maganin da ke cikin takardun ya bambanta, saurin yaɗuwarsu a agar ya bambanta, yawan da kowanne ke kaiwa a jini ko a fitsari ma ya bambanta. Akwai ma magunguna masu manyan ƙwayoyin sinadari, irin su kolistin, da ba sa yaɗuwa sosai a agar, har masana suka ce kada a dogara da wannan gwaji a kansu sam.

Akwai wani tarko a cikin wannan misalin. Kafin 2019, teburin CLSI yana ba siprofuloksasin S tun daga milimita 21. An ɗaga ma'aunin ne bayan an ga cewa ƙwayoyin da ke bakin iyaka ba sa jin maganin a jikin mutum yadda ake zato. Ɗakin gwajin da har yau yake aiki da tsohon teburi manne a bango zai rubuta wa matar nan S, alhali ya auna daidai, rularsa ba ta yi ƙarya ba. A ganina wannan kuskure ya fi sauran ciwo, domin gyaransa bai wuce sauya takarda ɗaya ba.

Sauran kurakuran suna faruwa tun kafin a ɗauki rula. Babbansu shi ne yawan ƙwayar da aka shafa. Ƙa'ida ita ce gurɓin ruwan ya yi daidai da ma'aunin McFarland na 0.5, wato wajen ƙwayoyi miliyan 150 a kowace mililita. Idan aka dama da kauri, ƙwayar ta fara tseren da rinjaye, filaye su tsuke, a ce ta bijire alhali ba ta bijire ba. Idan aka tsinke shi da yawa, filaye su buɗe, a rubuta S na ƙarya. Na biyun ya fi haɗari, don shi ne ke sa a sallami mara lafiya da maganin da ba zai yi masa aiki ba. Gogaggen ma'aikaci yana gane wannan da ido: farantin kirki tsironsa a haɗe yake sumul, wanda aka tsinke kuwa za a ga ɗigo-ɗigo a warwatse, kuma irin wannan ba a karanta shi, sakewa ake yi.

Kaurin agar shi ne na biyu. Ana son zurfin milimita 4, wato kimanin mililita 25 a faranti mai faɗin milimita 90. Agar na da tsada, kuma akwai jarabar a rage hannu don kwalba ɗaya ta ba da faranti da yawa. Amma a siririn agar magani ba shi da zurfin da zai nitse, sai ya bazu gefe, filin ya ƙaru. Siprofuloksasin ɗin matar nan mai 23 na iya miƙewa ya taɓa 26 a irin wannan faranti, harafi ya koma S. Ko teburin da aka zuba agar a kansa in ya karkace, gefe ɗaya zai yi kauri, ɗaya ya yi siriri, kuma filayen su fito a karkace. Tsamin agar ma yana da tasiri: ana son pH tsakanin 7.2 da 7.4, in ya yi tsami filin jentamaisin ya ragu, na tetirasaikilin ya ƙaru.

Sai lokaci da zafi, kuma a nan ne matsalar wutar lantarki take shigowa. Hukumar EUCAST ta Turai ta taƙaita ƙa'idar a minti sha biyar sau uku: a shafa ruwan ƙwayar cikin minti 15 da dama shi, a ɗora takardu cikin minti 15 da shafawa, a sa a inkubeta cikin minti 15 da ɗorawa. In aka bar faranti da takardunsa a kan teburi, magani na tafiya ƙwayar ba ta fara gudu ba, filin ya faɗaɗa. Haka yake in aka ɗauke wuta cikin daren hunturu inkubeta ta huce: ƙwayar ta yi sanyin jiki, magani ya yi ta yaɗuwa. Takardun kuwa zafi da laima ne ke kashe su, musamman dangin fenisilin. A firij ake ajiye su cikin rufaffen mazubi mai maganin laima, kuma in an fito da su sai an bar su sun huce kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kansu. Takardar da ta sha zafin bazara a firijin da ba wuta za ta ba da ƙaramin fili, a ɗora wa ƙwayar laifin bijirewa, likita ya tsallake magani mai araha zuwa allura mai tsada.

Wani lokaci filin kansa ne ke rikita mai karatu. Ƙwayar Proteus tana malala siririn mayafi zuwa cikin filin. Wannan ba a kula shi, ainihin bakin ake bi. Kotirimoksazol, wanda aka fi sani da Seftirin, yakan bar ɗan hazo a ciki, shi ma ana tsallake shi. Amma ɗigon tsiro sosai a tsakiyar fili ba abin kawar da kai ba ne: ko dai wata ƙwaya ta daban ta gauraya da ta farko, ko kuwa wasu daga cikinta sun bijire, kuma dole a ɗebe su a sake gwadawa. In aka cunkusa takardu fiye da shida a faranti mai milimita 90, filaye su shiga juna, ba bakin da za a auna.

To ta yaya ɗakin gwaji zai san cewa duk waɗannan sun daidaita? Ta hanyar gwada ƙwayar da aka riga aka san amsarta. Ga E. coli akwai sanannen iri mai lamba ATCC 25922, wanda ya kamata ya ba da milimita 20 zuwa 25 da takardar naitrofurantoyin mai maikrogiram 300. In ya ba da 16 ko 29, to matsalar na wajen takarda, ko agar, ko inkubeta, ko hannun ma'aikaci, kuma ba a fitar da sakamakon marasa lafiya na wannan maganin sai an gano ta. Wannan mataki yana cin faranti da lokaci, shi ya sa shi ake fara yankewa idan kuɗi sun yi ƙaranci, alhali ba tare da shi ba haruffan nan hasashe ne kawai.

Masu kula da asibitoci da ɗakunan gwaji, ku saya wa ma'aikatanku teburin bana da ƙwayar tantancewa, ku ba firij da inkubeta wutar da ba ta yankewa. Kai kuma mai karɓar sakamako, kada ka zaɓi magani da kanka a kemis don ka ga lambarsa ta fi girma. Ka mai da takardar wurin likita, kuma in ka sha maganin da aka rubuta wa S kwana biyu ko uku ba sauƙi, ka koma ka faɗa masa, domin a sake gwajin.