Matsakaicin Tsadar Jari: Lissafi Daki-daki

Jarin kamfani ba kyauta ba ne. Mai ba da rance yana jiran kuɗin ruwa, mai hannun jari yana jiran riba. Matsakaicin tsadar jari, wato WACC, shi ne haɗa buƙatun nan biyu, kowacce gwargwadon nauyinta.

A ce wata masana'antar gyaran shinkafa tana da jarin naira miliyan 100: miliyan 60 hannun jari, miliyan 40 bashin banki. Ka ga nauyinsu ke nan, 0.6 da 0.4. A kula, da darajar kasuwa ta yau ake auna nauyi, ba da tsohon adadin da ke littafin akanta ba.

Sai tsadar bashi. Banki na karɓar ruwa kashi 20 cikin ɗari, amma ana cire ruwan kafin a yanka haraji. In harajin kashi 30 ne, ainihin tsadar ta koma kashi 14.

Masu hannun jari kuwa, su ne na ƙarshen biya in kamfani ya durƙushe, don haka suna neman fiye da banki, a ce kashi 25.

```
WACC = (0.6 × 25%) + (0.4 × 20% × (1 − 0.3)) = 15% + 5.6% = 20.6%
```

To, sabon injin da zai dawo da kashi 18 asara ne, ko da ya yi kama da riba. Amma wannan ma'auni na aiki ne kawai ga aikin da kasadarsa ta yi daidai da ta kamfanin. Kuma in ka ga tsadar hannun jari ta gaza ta bashi, koma ka duba lissafinka.